Labarin littattafan maƙwabciya: in faɗi gaskiya ko in bar shi haka?

*Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, shekarata 19. Na rubuta gajeren labari da nake so in shiga wata gasa da shi. Sharaɗin shi ne kada ya wuce kalmomi 1,500, kuma saura mako uku a rufe. Labarin wata yarinya ne da take aron littattafan maƙwabciyarsu a ɓoye don ta shirya wa jarrabawar neman tallafin karatu. Gaskiya labarina ne. Ina shekara 14 a lokacin, Baba ba shi da halin saya mini littattafai, kuma ya hana mu neman komai a wurin maƙwabta. Maƙwabciyarmu tsohuwar malamar makaranta ce mai kabad cike da littattafai. 'Yarta ƙawata ce, ita take fito mini da su ɗaya bayan ɗaya, in mayar kafin a lura. Wata rana littafin lissafi ya jiƙe a hannuna, na mayar da shi haka nan. Da Malama ta gani, ƙawata ta ce ita ce, aka hukunta ta, ni kuwa na yi shiru. Na ci jarrabawar. A cikin labarin ban sa ƙawata ba, ban sa jiƙewar ba. Yarinyar ita kaɗai take ɗauka, ta ci, kowa ya yi murna. Malamina ya karanta ya ce rubutun da kyau amma labarin ba shi da rai. Idan na sa gaskiyar, Baba da Malama za su gane. Ni da ƙawata kuma yanzu sai gaisuwa daga nesa. Yaya zan yi?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Malaminki ya faɗa miki gaskiya, kuma ina ganin na san inda ran labarin ya tafi. Ya fita ne tare da abubuwa biyun da kika cire. Ki gwada da kanki yau da dare. Ɗauki labarin yadda yake, ki ɗauka cewa maƙwabciyar ce da kanta take miƙa wa yarinyar littattafan da rana tsaka, kowa yana kallo. Sai ki bi shi sakin layi bayan sakin layi ki ga me zai canza. Idan yarinyar za ta yi karatu iri ɗaya, ta zauna jarrabawa iri ɗaya, ta ci, a yi murna iri ɗaya, to ɓoyon da kika sa bai yi aikin komai ba. Sirri a cikin labari yana aiki ne idan akwai wanda zai cutu in ya tonu, ko wanda yake cutuwa saboda an rufe shi. A rayuwarki akwai duka biyun. A takarda babu ko ɗaya, shi ya sa mai karatu yake bi har ƙarshe zuciyarsa ba ta buga ba.

Kafin mu shiga gyaran rubutu, ina so ki ji wannan daga gare ni. Yarinya 'yar shekara 14 da ta ga ƙofar karatu za ta rufe mata, ta ji tsoron mahaifinta, ta ji kunyar maƙwabciya, ba muguwa ba ce don ta bi ta bayan fage. Amma kuma ba zan ce miki babu komai ba. An taɓa kayan mutum ba da saninsa ba, an ɓata littafi, wata ta sha hukuncin da ba nata ba. Kin san haka, shi ya sa hannunki ya tsallake wurin da kika zo rubutawa, kuma ina zaton shi ya sa gaisuwarki da ƙawarki ta koma daga nesa. Mutum yakan guje wa wanda yake bin sa bashin alheri fiye da yadda yake guje wa wanda ya ɓata masa rai.

To, bari mu duba yadda labarin zai kasance idan ya ɗauki nauyinsa. Kalmomi 1,500 wuri ne ƙarami ƙwarai. Idan aka karanta a bayyane bai fi minti goma zuwa sha biyu ba. Ba zai ɗauki watannin shiri da ranar jarrabawa da fitowar sakamako da bikin murna ba, sai dai ki bi su a guje kina ba da rahoto, wanda shi ne abin da nake zaton kin yi. Abin da zai ɗauka da kyau shi ne fage uku ko huɗu da mutum uku: yarinyar, ƙawarta, da mai littattafan. Uban zai iya kasancewa murya kawai, jimla ɗaya da ya taɓa faɗa wadda take bin yarinyar ko'ina.

Da ni ce, zan fara daga daren da littafin ya jiƙe, ko daga yammacin da ya gabace shi. Masu fara rubutu sukan buɗe da gabatarwa irin wannan: wance yarinya ce mai hazaƙa da son karatu, amma iyayenta talakawa ne. Wannan jimla ta gama yanke wa yarinyar hukunci tun mai karatu bai gan ta ba, kuma za ta dace da labari dubu. Gwada irin wannan a madadinta: "Littafin lissafin sai ya koma kabad kafin Malama ta dawo ranar Litinin, ga shi saura babi biyu ban kwafa ba." A layi ɗaya mai karatu ya san akwai littafi, akwai mai shi, akwai wa'adi, kuma akwai abin da ba a so a sani. Talaucin gidan ba sai kin ambata shi ba. Yarinyar da take kwafar littafi da hannu ta riga ta faɗa mana ba ta da nata.

A nan ne abin da kika sani zai fi na kowa, don ke kika yi. Littafin aro na ɓoye ba a karanta shi kamar littafin kai. Ba a ja layi a ciki, ba a naɗe kusurwar shafi, ba a buɗe shi sosai kada bayansa ya karye. Sai an tuna gurbin da aka zaro shi, da littafin da yake damansa da na hagunsa. Littafin karatu na harshe ana iya cinye shi a dare biyu a mayar, amma na lissafi ba ya karantuwa haka, sai an zauna an yi aikin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa shi ne yake daɗewa a hannu, kuma shi ne ya fi shiga haɗari. Wataƙila kin riƙa kwafar tambayoyin cikin tsohon littafin rubutu, sannan ki kwafi amsoshin da ke shafukan baya a wata takarda daban don kada idonki ya faɗa kansu kafin ki gwada. Irin waɗannan abubuwa biyu ko uku sun isa. Su ne za su sa alƙalin gasa ya yarda cewa marubuciyar ta san abin da take faɗa, kuma sun fi sakin layi guda na yabon ƙwazon yarinyar.

Haka ma jiƙewar. Takardar da ta sha ruwa ba ta komawa yadda take. Tana kumbura, ta yi tudu da kwari idan ta bushe, littafin ya ƙi rufuwa daidai, ya fi gurbinsa kauri. Rubutun fensir yana tsira, na tawada kuwa yakan bazu, don haka idan mai littafin ta rubuta sunanta ko wani bayani a gefen shafi, shi ne zai fara tafiya. Idan aka rufe shi da danshi aka tura cikin kabad, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya fara wari da fumfuna. Kin ga wannan ya ba ki agogo a cikin labarin. Yarinyar ta mayar da littafin, amma ta san ba zai ɓoyu ba, kwanaki kawai take ƙirgawa.

Ga yadda zan raba kalmomin. Kamar 300 ga daren kwafa, inda za mu ga tsarin da yaran biyu suka ƙulla da dalilin da ya hana a tambaya kai tsaye. Wannan dalilin dole ya fito fili, domin tambayar farko da kowane mai karatu zai yi ita ce me ya hana ta roƙa. Kamar 350 ga jiƙewar da ƙoƙarin busarwa da mayarwar. Sai mafi girma, kamar 500, ga fagen da Malama ta gano, ƙawar ta ce ita ce, yarinyar tana tsaye tana ji. Nan ne zuciyar labarin take, kada ki yi sauri a wurin. Ki ba yarinyar dama biyu ta yi magana, ta bari su wuce. Misali Malama ta juyo ta tambaye ta, "Ke kin ga lokacin da ta jiƙa shi?" Amsar da za ta bayar, ko shirun da za ta yi, shi ne abin da za a tuna bayan an manta da sauran. Ragowar 250 ga ƙarshe. Jimla 1,400 ke nan, kin bar wa kanki sarari, don gyara yakan ƙara tsawo kuma gasa da yawa ba sa karɓar abin da ya haura ƙa'ida.

Game da ƙarshen, ki yi hattara da sakamakon jarrabawa. Tun layin farko kowa ya san za ta ci, don haka cin ba labari ba ne. Tambayar da kika dasa a zuciyar mai karatu ita ce ko za ta faɗa, kuma ita ce ƙarshen zai amsa. Za ki iya tsayawa da safiyar jarrabawar, ta buɗe takarda ta ga irin tambayar da ta kwafa daga shafin da ya lalace. Za ki iya tsayawa a ƙofar Malama, takardar sakamako a hannunta, ba ta shiga ba tukuna. Abin da ba na so ki yi shi ne ki sa Malama ta yi murmushi ta ce ai tun farko ta sani, ta yafe wa kowa. Marubuta suna son wannan ƙarshen don yana da daɗi, amma yana wanke yarinyar ba tare da ta biya komai ba, kuma yana mayar da hukuncin da ƙawar ta sha abin banza. Idan Malama ta sani, me ya sa ta hukunta 'yarta? Sai dai in kina da amsar wannan, to lallai kin samu labari mai zurfi.

Sai maganar mutanen, wadda ta fi ta gasar nauyi.

Ƙawarki ce farko, kuma ba don labarin ba. Ita ta ɗauki kasada a gidansu, ita ta sha hukunci, ita ta riƙe sirrin shekara biyar ba ta tona ba. Sirrin nan naku ne ku biyu, ba ki da ikon buɗe shi ke kaɗai, domin ranar da Malama ta ji, za ta ji har da cewa 'yarta ta riƙa fitar mata da kaya kuma ta yi mata ƙarya. Ki neme ta ku zauna ido da ido, in ba hali ki kira ta, amma kada ki yi wannan magana ta rubutaccen saƙo. Kuma kada ki fara da gasar. Idan kika buɗe baki da cewa kin rubuta labari, za ta ji kamar kin tuna da ita ne don kina neman izini. Ki fara da abin da ya kamata ta ji tun tuni: "Ranar nan da aka hukunta ki saboda littafin lissafi, ni ce na jiƙa shi, kin sani, na sani, kuma na yi shiru. Ban taɓa ba ki haƙuri ba, ban taɓa yi miki godiya ba. Ki yafe mini." Daga nan ki saurara. Tana iya cewa ta manta, tana iya yin kuka, tana iya faɗa miki magana mai zafi da ta daɗe tana riƙe da ita. Duk wanda ya zo ki karɓa, kada ki kare kanki da cewa ke ma yarinya ce a lokacin. Ita ma yarinya ce. Maganar labarin ki bar ta sai ƙarshen zaman ko wata rana, kuma idan kin kawo ta, ki ba ta ta karanta, ki gaya mata tana da ikon cewa a'a.

Malama ce ta biyu, kuma da yardar ƙawarki za ki je, in so samu ne tare. Ba zan yi miki alkawarin yadda za ta karɓa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana koyarwa yakan ji daɗi idan ya ji littattafansa sun kai wani yaro gaba, amma uwa ce kuma, za ta iya jin ciwon cewa ta hukunta 'yarta a kan laifin wata. Ki ba ta wannan damar ta ji haushi. Ki je da littafin lissafi sabo, irin wanda ya lalace ko mafi kusa da shi, ki faɗi abin da ya faru a taƙaice ba tare da ado ba, ki nemi afuwa, sannan ki gaya mata inda karatun ya kai ki. A wannan jerin nake so ki bi. Idan kika fara da nasarar, neman afuwar zai zama kamar kina cewa ai abin ya yi amfani.

Baba kuwa, ina so ki yi masa adalci a zuci da kuma a takarda. Mutumin da ya ce kada 'ya'yansa su nemi komai a maƙwabta yana tsare mutuncin gidansa ne da abin da ya rage masa. Dokar ta takura ki, gaskiya ne, amma ba don ƙin karatunki ya kafa ta ba, tunda bai hana ki zama jarrabawar ba. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ji a bakin wani cewa 'yarsa ta bayyana wa duniya ya kasa saya mata littafi. Don haka kada ya fara jin labarin daga waje. Ke kika san shi. Idan mai zama a yi hira ne, ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance. Idan kin san maganar za ta fi sauƙi ta bakin mahaifiyarki ko wani babba da yake jin nauyinsa, ki bi ta nan. A cikin labarin kuma ki ba uban jimla ɗaya da za ta nuna abin da dokar take ci masa, misali yarinyar ta gan shi yana juya takardar jerin littattafan da makaranta ta bayar, ya ninke ya sa a aljihu bai ce komai ba. Uban da aka zana haka, ko ya gane kansa ba zai ji an tozarta shi ba.

Ko da kowa ya yarda, ki sauya kamanni. Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye kowa, domin mutane suna gane juna ne ta sana'a da dangantaka da wani abu da ya faru wanda unguwa ta sani. Tsohuwar malama mai kabad ɗin littattafai da 'ya ɗaya sa'arki, duk wanda ya san ku zai nuna gidan da yatsa. Ki mayar da littattafan na wani ɗan gidan da ya gama makaranta ya tafi, ki mayar da ƙawar ƙanwarsa ko 'yar riƙo, ki sauya abin da ya sami littafin, ya zama yagewa ko ƙuna. Abin da ba za ki taɓa ba shi ne ƙashin bayan: wata ta ɗauki laifi, wata ta yi shiru. Sau da yawa wannan sauyin yana gyara rubutun ma, don yana sakin hannun marubuci daga "ai haka aka yi", ya bar shi ya zaɓi abin da labarin yake bukata. Idan rubutawa da "ni" yana sa ki riƙa kare kanki, ki koma "ita", ki tsaya kusa da yarinyar kina ganin abin da take gani kawai.

Mako ukun nan zai isa idan kika fara da ƙawarki a cikin kwana biyu ko uku masu zuwa, kina sake rubutun a makon farko ba tare da kin nuna wa kowa ba. Mako na biyu na Malama da Baba ne, da ba ƙawarki ta karanta. Na uku ki karanta labarin a bayyane, ki yanke duk jimlar da take gaya wa mai karatu abin da zai ji, ki mayar wa malaminki. Kada ki sa shi a kowane shafi na intanet kafin nan, don gasa da yawa suna sharɗanta cewa ba a taɓa wallafa labarin ba, sai ki duba ƙa'idar taku da kyau.

Idan ƙawarki ta ce ba ta so mahaifiyarta ta sani, ki girmama wannan, kada ki je wurin Malama ta bayanta. Za ki iya kai wa Malama littafin a matsayin kyauta daga ɗalibar da ta taso a gabanta, ki bar sauran har ranar da ƙawarki ta shirya. Labarin kuma sai ki nisanta shi sosai, ki sauya har jinsin yaran da irin jarrabawar, ki sake nuna mata. Idan duk da haka ta ce a'a, ki ajiye shi a wannan zagayen, ki shiga gasar da wani labarin ko ki jira ta gaba. Wanda kika riga kika rubuta, mai yarinya ita kaɗai da murna a ƙarshe, ba na ba ki shawarar ki tura shi, domin idan ya yi nasara ƙawarki za ta karanta labarin littattafan gidansu ta ga babu ita a ciki.

Ki rubuto mini bayan kun zauna da ita, ina so in ji yadda kuka yi. Allah Ya sa albarka a karatunki, Ya daidaita tsakaninku.